Fibot ɗinka yana ƙirga layuka maimakon tara kuɗi? Tsaya, kar ka yi saurin mai da shi Sum

Toh wannan matsalar kusan duk wanda ya fara taɓa PivotTable a Excel sai ta same shi. Ka gama shigar da cinikin wata guda, ka haɗa fibot ɗinka, ka jawo kolum ɗin kuɗi ka jefa a akwatin Values, kana jiran ka ga dubu ɗari biyar da wani abu, kawai sai ka ga 11. Sha ɗaya fa. Ka duba saman kolum ɗin ka ga an rubuta Count of Kudi a inda kake tsammanin Sum of Kudi. Masu amfani da Excel na Faransanci a Nijar su kuma Nombre de suke gani a wurin Somme de, ciwon dai ɗaya ne.

Abin da yawancin mutane suke yi, har da ni a da, shi ne su danna dama a kan lambar, su je Summarize Values By, su zaɓi Sum, lamba mai kauri ta fito, su ce alhamdulillahi an gyara. Wallahi ba a gyara ba. Asali ma a nan ne matsalar ta fi zama haɗari, don 11 ɗin nan ko makaho ya shafa ya san ba kuɗin wata ba ne, amma lambar da za ta fito bayan ka tilasta Sum tana kama da gaskiya sak alhali ta yi ƙasa, kuma babu wani jan rubutu ko gargaɗi da zai fito ya ce maka an bar wani abu a baya.

Bari mu fara daga dalilin da ya sa Excel yake zaɓar Count tun farko. Lokacin da ka jefa kolum a Values, Excel ba ya kallon sunan kolum ɗin, ko ka sa masa Kudi ko Jimla ko Naira duk bai dame shi ba, abin da ke cikin akwatunan yake dubawa tun daga sama har ƙasa. In ya tarar duka lambobi ne zalla sai ya ce to wannan abin tarawa ne, ya ba ka Sum. In ya ci karo da rubutu ko da a akwati ɗaya ne cikin dubu biyar, sai ya ce wannan kolum ɗin ba na lissafi ba ne, abin da zan iya yi da shi kawai in ƙirga, ya ba ka Count. Ka ga kenan Count ɗin nan ba iskancin kwamfuta ba ne, saƙo ne yake ba ka cewa akwai bare a cikin lambobinka. Kai kuma da ka mai da shi Sum ba ka cire baren ba, bakin mai faɗa maka kawai ka toshe.

Maganar akwatin da babu komai a ciki kuwa ta ɗan bambanta, ya danganta da wane Excel ne a kwamfutarka. A tsofaffin, irin su 2007, 2010, 2013 da 2016 ɗin da ake sakawa sau ɗaya a manta da shi, akwati ɗaya tak da aka bari fayau ya isa ya jawo Count. A wajajen 2018 Microsoft suka gyara wannan a Office 365, yanzu in lambobi ne da guraben da babu komai kawai, Sum zai ba ka. Shi ya sa za ka ga mutum biyu sun buɗe fayil ɗaya, wannan ya haɗa fibot ya samu Sum, wancan ya samu Count, su yi ta musu kowa na ganin ɗan'uwansa ne bai iya ba. Amma rubutu har yau yana jawo Count a kowanne.

Mu ɗauki misali ƙarami wanda za a iya bi da ido. A ce wani Alhaji yana da shaguna uku na hatsi da kayan masarufi, ɗaya a Dawanau, ɗaya a Kurmi, ɗaya a Sabon Gari, yaran shagon suna turo ciniki kai kuma kana shigarwa a shit ɗaya. Kolum B reshe ne, kolum D kuɗi, layi na 2 zuwa na 13, wato layuka 12:

```
Dawanau      85000
Dawanau      120000
Dawanau      45,000
Dawanau      60000
Kurmi        30000
Kurmi        N52,000
Kurmi
Kurmi        18000
Sabon Gari   75000
Sabon Gari   40000
Sabon Gari   -
Sabon Gari   25000
```

In ka ɗauki kalkuleta ka buga da hannu, Dawanau 310,000, Kurmi 100,000, Sabon Gari 140,000, jimla 550,000. Fibot kuma da farko zai nuna maka 4, 3, 4, jimla 11, saboda Count na fibot yana ƙirga duk akwatin da ke da wani abu ne a ciki, lamba ce ko rubutu, sai dai ya tsallake wanda yake fayau, shi ya sa Kurmi ta samu 3 ba 4 ba. To ka mai da shi Sum ka gani. Dawanau 265,000, Kurmi 48,000, Sabon Gari 140,000, jimla 453,000. Naira 97,000 ta yi layar zana. Kuma ka lura da muguntar abin, Sabon Gari ta fito daidai, don haka in da ita ka gwada da kalkuleta sai hankalinka ya kwanta ka tura wa Alhaji rahoto, shi kuma ya kira yaron Kurmi yana tambayarsa ina sauran kuɗi, yaro bai ci nanin ba nanin ta ci shi.

Ina 97,000 ɗin ta shiga? N52,000 ɗin nan a bayyane take, an sa harafin N a gaba, Excel kuwa da ya ga harafi ya ɗauke ta kamar suna ne, irin Musa ko Larai, a wajen tarawa sifiri ce. Ita 45,000 ɗin Dawanau ita ce ƴar rainin hankali, don da ido babu abin da ya bambanta ta da sauran. An kwafo ta ne daga shafin banki ko wani saƙo, sai ta taho da wani ɓoyayyen tazara a bayanta wanda ba irin wanda ake samu in an danna dogon maballin nan na kibod ba ne, lambarsa 160, na kibod kuma 32. Ba a ganinsa, amma ya isa ya mai da lamba rubutu. Ƴar sandar da aka sa a Sabon Gari don nuna ba a yi ciniki ba, ita ma rubutu ce, ba ta rage ko kwabo daga jimla ba amma ita kaɗai ta isa ta jawo Count ko da sauran duk lafiyarsu ƙalau. Haka masu rubuta nil, ko babu, ko bashi, ko 5k, ko su buga harafin O a wurin sifiri.

Yanzu yaya za ka gano su in layukan ba 12 ba ne, 4,000 ne? Hanyar da na fi so, kuma ban cika ganin mutane suna amfani da ita ba, a cikin fibot ɗin kansa take. Jawo kolum ɗin Kudi ka jefa a Values sau biyu. Na farko ka bar shi a Count. Na biyu ka shiga Value Field Settings ka gangara ƙasan jerin, akwai wani mai suna Count Numbers, shi lambobi na gaskiya kawai yake ƙirgawa. A misalinmu za ka ga Dawanau 4 da 3, Kurmi 3 da 2, Sabon Gari 4 da 3. Duk inda biyun suka saɓa, bambancin shi ne yawan rubutun da ya ɓuya a wannan reshen. Ka ga ba wai kawai ka san akwai matsala ba, ka san a wane reshe take da kuma guda nawa. In ka ƙara rana ko wata a Rows ma sai ta ƙara matsewa, in kuma ka danna sau biyu a kan lambar, Excel zai buɗe maka sabon shit da layukan da suka haɗu suka ba da ita, sai ka bi su a tsanake.

In kuma a shit ɗin asali kake son dubawa, fomula biyu sun wadatar:

```
=COUNTA(D2:D13)
=COUNT(D2:D13)
```

Na farko zai ba ka 11, na biyu 8. Layuka 12 ne, COUNTA ta ce 11, kenan ɗaya fayau yake. COUNT ta ce 8, kenan uku rubutu ne. Shikenan lissafin ya fito fili. Ko ba fomula ma, ka danna dama a kan sandar can ƙasan taga inda Excel yake nuna Average da Count da Sum, ka kunna Numerical Count, daga nan duk sanda ka zaɓi kolum za ka ga ƙirga biyun gefe da gefe. Ni tunda na kunna shi ban sake kashewa ba.

Don ka kai hannu kan akwatunan su kansu, zaɓi kolum ɗin kuɗin ban da kansa, danna F5, sai Special, sai Constants, ka cire alamar da ke kan Numbers da Logicals da Errors ka bar Text kaɗai, ka danna OK. Excel zai zaɓo maka rubutun kawai, sai ka zuba musu kala rawaya tun kafin su ɓace maka. In ka koma ta hanyar ka zaɓi Blanks, guraben fayau zai kamo.

Akwai alamomi biyu da mutane suke dogara da su wanda ni ban yarda da su ɗari bisa ɗari ba. Ta farko ita ce cewa lamba tana jingina dama, rubutu yana jingina hagu. Gaskiya ne, amma sai in ba wanda ya taɓa daidaita kolum ɗin, mu kuwa muna son mu sa komai a tsakiya don ya yi kyau, da an yi haka alamar ta tafi. Ta biyu ƴar koriyar kusurwar nan da ke fitowa a gefen akwati tana cewa Number Stored as Text. Tana da amfani, amma tana fitowa ne kawai in Excel ya ga abin da ke ciki zai iya zama lamba kai tsaye, misali 45000 da aka buga a akwatin da aka saita shi Text, ko wadda aka sa wa alamar ' a gaba. N52,000 ba za ta samu koriyar kusurwa ba, don a wurin Excel rubutu ne na halas, ba abin tuhuma. Saboda haka rashin ganin kore ba shaida ba ne.

In wata lamba ta tsaya maka a rai kana ganinta lafiya amma Excel ya ce rubutu ce, tambaye ta kai tsaye:

```
=ISNUMBER(D4)
=LEN(D4)
=CODE(RIGHT(D4,1))
```

A kan 45,000 ɗinmu, ta farko za ta ce FALSE. Ta biyu za ta ce 7, kai kuma in ka ƙirga da ido har da waƙafi shida kake gani, to na bakwan fa? Ta uku ce za ta tona asiri ta ce 160.

To sai gyara. A nan ma akwai wani rami da kusan kowa yake faɗawa: mutum ya zaɓi kolum ɗin, ya je Home ya canza shi daga Text zuwa Number, ya koma fibot ya yi Refresh, ya ga babu abin da ya canza, ya fara zagin kwamfuta. Canza fomat riga ce kawai ka canza wa akwatin, abin da ke ciki yana nan a rubutunsa har sai an sake shigar da shi. In ka danna F2 ka buga Enter a kan akwati ɗaya za ka ga ya koma lamba nan take, amma wa zai zauna ya yi wa akwati 4,000 haka.

Ga waɗanda suke lambobi ne tsaf amma an ajiye su a matsayin rubutu, wato masu koriyar kusurwa, abin da sauƙi. Ka zaɓe su, ka danna ƴar alamar gargaɗin da ta fito, ka zaɓi Convert to Number. In suna da yawa sosai wannan yana iya jan ƙafa, sai ka bi ta ɗaya hanyar: ka fara mai da fomat ɗin kolum ɗin General, ka je Data, Text to Columns, ka danna Finish ba tare da ka taɓa komai ba. Abin da yake yi kenan, yana sake shigar da kowane akwati kamar kai ne ka buga shi sabo, amma kolum ɗaya yake karɓa a lokaci guda. Akwai kuma tsohuwar dabarar buga 1 a wani akwati, ka kwafe shi, ka zaɓi kolum ɗin ka yi Paste Special da Multiply. Tana aiki, sai dai tana da wani hali da ba a cika faɗa ba, duk gurbin da yake fayau sai ta mai da shi 0, kuma zan dawo kan dalilin da ya sa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma duk waɗannan ukun ba za su taɓa N52,000 da mai ɓoyayyen tazara ba, don ko an sake shigar da su rubutu za su sake zama. Su sai an cire dattin tukuna. Ka zaɓi kolum ɗin kuɗin kaɗai, kaɗai fa na ce, in ba haka ba za ka cire N daga sunayen mutane da kaya ka shiga uku, ka danna Ctrl+H, a Find what ka sa N, Replace with ka bar shi fayau, Replace All. Na ɓoyayyen tazarar kuma a Find what ka riƙe Alt ka buga 0160 a maballan lamba na gefen dama na kibod. In laftof ɗinka ba ta da su, ka shiga cikin akwatin mai matsalar ka kwafo tazarar daga ƙarshensa ka manna. Muddin fomat ɗin ba Text ba ne, da an cire dattin akwatin zai koma lamba da kansa. Kuma kar ka ɓata lokaci da TRIM a nan, tazara mai lamba 32 kawai take sharewa, ta 160 ko kallonta ba ta yi, na ga mutane da yawa sun yi TRIM sun rantse sun share komai.

In ba ka son taɓa ainihin abin da aka turo maka, wanda ni ma shi na fi so in kuɗin wani ne, sai ka buɗe sabon kolum a gefe:

```
=VALUE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(D2,CHAR(160),""),"N",""))
```

Ka ja ta har ƙasa. Guda goma za su fito lambobi tas, biyu kuma, wato ƴar sandar Sabon Gari da gurbin Kurmi, za su fito da #VALUE!. A nan ne hannu yake ƙaiƙayi mutum ya naɗe fomular da IFERROR ya ce in an samu kuskure a sa "" don shit ya yi tsaf. Kar ka yi. Wannan "" ɗin da ido fayau yake amma a wurin Excel rubutu ne mai tsawon sifiri, zai sake jawo maka Count ko a sabon Excel ne, kuma F5 da Blanks ba za su kamo shi ba, ko da ka kwafe ka manna shi a matsayin Values yana nan daram. Wannan shi ne amsar masu cewa na duba kaf babu rubutu ko ɗaya a kolum ɗina amma har yanzu Count nake samu, galibi kolum ɗin fomula ce irin =IF(C2="","",B2*C2). In kuma ka ce IFERROR ta sa 0, to ka binne duk wani sabon datti da zai shigo gobe, wani ya rubuta 52k ta zama sifiri shiru. Gara kuskuren ya tsaya yana kallonka ka bi su ɗaya bayan ɗaya, in ma ka manta da su fibot ɗin da kansa, in yana kan Sum, zai nuna #VALUE! a reshen da abin ya shafa, wanda ya fi maka lamba mai kyau ta ƙarya.

Wani abu da ya shafi masu hulɗa tsakanin Najeriya da Nijar. Kwamfutar da aka saita da tsarin Faransanci tana raba dubbai da tazara, tana kuma amfani da waƙafi a inda mu muke sa ɗigo, wato 12 500,75. In fayil ɗin xlsx ne kuma lambobin na gaskiya ne babu damuwa, kowace kwamfuta za ta nuna su da tsarinta. Amma in CSV ne aka fitar daga wata manhaja a Maraɗi aka buɗe a Kano, ko aka kwafo daga PDF, kolum ɗin gaba ɗaya yana iya zama rubutu, in ka tilasta Sum sai ka ga 0 daga sama har ƙasa. Tun daga Excel 2013 akwai fomular da aka yi don wannan, kana gaya mata wace alama ce ta me:

```
=NUMBERVALUE(SUBSTITUTE(D2,CHAR(160),""),","," ")
```

Kar ka ce za ka cire waƙafin da tazarar da Ctrl+H kamar yadda muka cire N, 12 500,75 za ta koma 1250075, ka ninka kuɗin mutane sau ɗari.

Mu dawo kan gurbin fayau da na ce zan dawo. Shawarar da za ka fi ji ita ce ka zaɓo Blanks, ka buga 0, ka danna Ctrl+Enter duk su cika. In jimla kawai kake nema ba laifi, sifiri ba ya ƙara komai. Amma ka tambayi kanka gurbin nan na Kurmi me yake nufi. Ba a yi ciniki ba ne ranar, ko yaron ne bai turo ba? Ba abu ɗaya ba ne. In ka bar shi fayau ka nemi Average, Excel zai raba 100,000 gida uku ya ba ka kusan 33,333. In ka cusa 0 zai raba gida huɗu ya ba ka 25,000. Ƴar sandar Sabon Gari mun san ma'anarta, ba ciniki, ita 0 ne haƙƙinta. Na Kurmi kuwa ba mu sani ba, kuma da ka cika shi da sifiri ka goge alamar da za ta tuna maka ka tambaya. Ni a ganina in guraben fayau ne kaɗai matsalarka, ka tabbatar COUNT da COUNTA sun zo ɗaya, to a nan ne kawai mai da Count zuwa Sum da hannu yake halas, ka bar guraben yadda suke.

Akwai ma guraben da kai ne ka jawo su da kanka. Mutane suna zaɓar kolum ɗungurungum, A:D, a matsayin tushen fibot, wai don in an ƙara layuka gobe su shiga. Ka ga ka haɗa da layuka sama da miliyan ɗaya da babu komai a ciki kenan, a tsohon Excel Count ya tabbata, sannan ga wani (blank) da zai zo ya zauna maka a ƙasan Rows. Abin da ya fi shi ne ka danna cikin bayanan ka buga Ctrl+T su zama Table, ka gina fibot a kansa, duk layin da aka ƙara a ƙasa zai shiga da kansa in ka yi Refresh.

Refresh ɗin nan ma sai an tuna. Fibot ba shit ɗinka yake kallo kai tsaye ba, wani kwafi ne ya ɗauka ya ajiye lokacin da aka haɗa shi, in ka gyara asali ba ka danna dama ka yi Refresh ba, ko Alt+F5, tsohon abu zai ci gaba da nuna maka. Kuma ko ka yi, Count of Kudi ba zai rikiɗe ya koma Sum da kansa ba, zaɓin da ya yi tun farko yana nan. Ni abin da nake yi shi ne in fitar da kolum ɗin daga Values gaba ɗaya bayan Refresh, in sake jawo shi. In ya faɗo a Sum of Kudi da kansa, na san kolum ɗin ya tsarkaka, gwaji ne na kyauta. In ya sake faɗowa a Count, akwai sauran rina a kaba, sai dai in tsohon Excel ne kuma akwai gurbin da ka bari fayau. A misalinmu bayan an cire N, an cire tazarar, an mai da sanda 0, za ka ga 310,000 da 100,000 da 140,000, jimla 550,000, Count da Count Numbers kuma duk 11.

Af, kar kuma zafin gyara ya sa ka bi kowane kolum mai koriyar kusurwa kana Convert to Number. Lambar waya, lambar asusun banki, NIN, waɗannan rubutu ya kamata su zauna, in ka mai da 0803 da sauransu lamba sifirin farko zai gudu, kuma duk abin da ya wuce lambobi 15 Excel zai mai da na ƙarshen sifirai, ba kuma za su dawo ba. Su Count ɗin ne daidai da su, wa zai tara lambobin waya.

Don kar wata mai zuwa a maimaita, su masu sa N ɗin ba mugunta suke ba, so suke a ga alamar kuɗi. Sai ka ba su ita ta hanyar da ba ta ɓata lissafi: zaɓi kolum ɗin, Ctrl+1, Custom, ka sa wannan:

```
"₦"#,##0
```

Su buga 52000 zalla, allo ya nuna musu ₦52,000, ciki kuma lamba ce. Ka ƙara da Data Validation, a Allow ka zaɓi Decimal, ka ce daga 0 zuwa sama, duk wanda ya buga nil ko sanda zai ƙi karɓa. Sai dai ka sani wannan katangar mai bugawa da hannu kawai take tarewa, wanda ya kwafo daga shafin banki ya manna zai wuce ta kai, har ma ya goge dokar daga akwatin. Shi ya sa ni a saman kowane shit na kuɗi nake barin akwati ɗaya a wajen kolum D da =COUNTA(D:D)-COUNT(D:D)-1, ɗayan da aka cire na kan kolum ɗin ne, in ya nuna 0 sai in haɗa rahoto, in ya nuna wani abu daban sai in danna F5 in fara farauta. Gurbin Kurmi kuwa wannan babu fomular da za ta cike shi, sai dai a ɗaga waya a kira yaron shagon a ji ko an yi ciniki ranar.